Yadda 'Yar Manomi Za Ta Rubuta Takardar Neman Tallafin Digiri na Biyu a Kimiyyar Ƙasa

Kusan duk hukumar da ke ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu tana neman ki rubuta mata takarda guda, ki faɗi abin da ya sa kike son wannan karatu da abin da za ki yi da shi. A shafin cike fom za ki ga an rubuta Motivation Letter, ko Statement of Purpose, ko Personal Statement. Aikinsu kusan ɗaya ne. Na daɗe ina zama da ɗalibai mata da suka karanci aikin gona muna gyara irin wannan takarda, kuma 'ya'yan manoma galibi hanya biyu suke ɓacewa. Wata ta ɓoye gonar gidansu gaba ɗaya don tana ganin abin kunya ce a gaban Turawa, wata kuma ta cika takardar da labarin talauci don a tausaya mata. Dukansu sun bar abin da ya fi ƙarfi a hannunsu. Ke kin ga ƙasa guda tana canjawa shekara da shekaru a gaban idonki, abin da yawancin masu nema ba su taɓa gani ba. Aikin takardar shi ne ta mai da wannan gani ya zama tambayar da za a iya aunawa, sannan ta nuna kwas ɗin ne zai ba ki ikon amsa ta.

Zan yi amfani da misali guda har ƙarshe: ɗaliba daga ƙauye a yankin Daura, mahaifinta yana noman gero da wake a ƙasar jigawa, ta gama digirin farko a aikin gona. Lambobin da ke cikin misalin nata ne don koyarwa, ke sai ki sa naki.

Kayan da za ki tanada

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki tara waɗannan a wuri guda:

- Sanarwar tallafin ta bana, wadda kika sauke daga shafin hukumar da kanta. Ta bara ko wadda aka turo a zauren WhatsApp ba ta isa ba, domin iyakar kalmomi da tambayoyi suna canjawa.
- Jerin darussan kwas ɗin daga shafin jami'ar, da sunayen malaman sashen da abin da suke bincike a kai.
- Kundin binciken da kika yi a shekarar ƙarshe, da takardar sakamakonki ta duk shekaru.
- Littafin rubutu da biro na musamman don wannan aiki.
- Lokacin zama da mahaifinki ko mahaifiyarki, ko wanda ke riƙe da gonar yanzu.
- Mutum biyu da za su karanta miki: ɗaya masanin ƙasa, ɗaya kuma wanda Turancinsa ke da kyau amma bai san fannin ba.

Idan ba ki da kwamfuta, waya ta isa a yi daftari, sai a je shagon buga takardu a ƙarshe don tsarawa. Amma kada ki bai wa mai shago ya rubuta miki. Takarda ɗaya suke juyawa ga kowa, masu tantancewa kuma sun ga irinta har sun gaji. Ki ware wa aikin mako uku zuwa huɗu, domin daftari yana buƙatar ya kwana kafin a gyara shi.

Mataki na 1: Ki fitar da abin da aka tambaye ki

Ki karanta sanarwar da biro a hannu, ki kwafe kowace tambaya a shafinta daban. Hukumomin ba abu ɗaya suke nema ba. Tallafin Commonwealth na Birtaniya ya fi mai da hankali a kan amfanin da karatunki zai yi wa ci gaban ƙasarki, da yadda za a gane amfanin ya samu. Tallafin Chevening, shi ma na Birtaniya, yana raba rubutun gida-gida, har da jagoranci da hulɗa da mutane, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, kuma sharaɗi ne ki dawo gida ki yi shekara biyu bayan karatu. Shirin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan raya ƙasa shi ma yana neman shekara biyu na aiki bayan digirin farko. Idan ba ki cika irin wannan sharaɗi ba, kada ki ɓata makonninki, ki duba inda ba a nemansa, ko ki fara da na gida kamar Sashen Kimiyyar Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ko Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. 'Yan uwa na Nijar da za su rubuta da Faransanci, tsarin duk ɗaya ne.

Ki rubuta iyakar kalmomi da manyan baƙaƙe a saman shafin. Ki lura ko kalmomi ake ƙirgawa ko haruffa, domin wasu akwatunan fom suna yanke rubutu da zarar ya kai iyaka, ba tare da sun sanar da ke ba.

Mataki na 2: Ki koma gona da littafinki

Nan ne takardar ke samun abin da babu a ta kowa, don haka kada ki yi gaggawa. Abin da kike tunawa tun kina yarinya bai isa ba. Ki zauna da Baba bayan sallar isha'i ko ki bi shi gona, ki yi tambayoyin da ba ki taɓa yi ba. Wace irin ƙasa ce a kowane ɓangaren gonar, jigawa ce, ko jangargari, ko akwai inda ya zama faƙo ruwa ba ya shiga? Dami nawa ake samu a da, nawa ake samu yanzu? Yaushe rabon da a bar gonar ta huta? Mangala nawa ko amalanke nawa na takin gida ake kaiwa, kuma a wane ɓangare ake zubawa? Wane takin zamani ake saye, buhu nawa ko tiya nawa, a wane lokaci ake sawa? Ina karan gero yake zuwa bayan girbi, ana barinsa ne ko ana kwashewa don danni da abincin dabbobi da girki? A ina ƙuduji ya fi fitowa?

Ki tambayi Inna ma. Sau da yawa awakin mata ne ke samar da takin da ake kaiwa gandu, amma gayaunar matar ita ce ta ƙarshe da ke samun taki, in ma ta samu. Idan haka abin yake a gidanku, ki rubuta shi, domin hujja ce mai nauyi a kan dalilin da ya sa mace masaniyar ƙasa za ta ga abin da wasu ba sa gani.

Daga nan sai ki mai da awon gida zuwa wanda mai karatu a wata ƙasa zai gane. Dami ba girmansa ɗaya ba daga gari zuwa gari, don haka ki sa a sussuke dami biyu ko uku a auna. A ce na gidan ɗalibarmu yana ba da tiya 5, tiyar gero kuma kusan kilo biyu da rabi ce, dami guda ya zama kilo 12 da rabi ke nan. Baba ya ce gonar tana ba da dami 70 a da, yanzu 40. Wato daga kusan kilo 900 zuwa kusan kilo 500. Faɗin gonar kuma kada ki ɗauke shi daga baki kawai, domin wani in ya ce kadada eka yake nufi, wani kuma hekta, alhali hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi. Ki zagaya iyakar gonar da manhajar awon fili ta waya. Idan babu, ki auna tsawo da faɗi da igiyar da kika san tsawonta.

Gargaɗi guda: waɗannan lambobi daga ƙwaƙwalwa suka fito, kuma damina ba ta zama ɗaya. A takardar ki ce "kusan", ki kuma nuna cewa lissafin mahaifinki ne. Masanin da ya ga kin bambanta abin da aka auna da abin da aka tuna zai fi yarda da sauran maganarki.

Mataki na 3: Ki zaɓi matsala ɗaya ki mai da ita tambaya

Littafinki zai cika da matsaloli: zaizayar iska, ƙuduji, tsadar taki, ƙarancin ruwa, faƙo. Ki ɗauki ɗaya. Takardar da ta ce za ta magance kwararowar hamada da yunwa da sauyin yanayi a lokaci guda ba ta gaya wa kowa abin da mai ita za ta yi ranar Litinin da safe ba.

Ga abin da ɗalibarmu ta ɗauka. Mahaifinta yana sayen yuriya duk shekarar da ya samu hali. Geron yana yin kore bayan an sa, amma zangarniyar ba ta cika, kuma gonar tana fitowa dabbare-dabbare, nan ya yi tsawo can ya tsugune. A ƙarƙashin gawo uku da ke gonar kuwa, geron kullum ya fi kyau ko ba a sa komai ba.

Abin da kike buƙata na ilimi a nan kaɗan ne, amma dole ya zama daidai. Yuriya naitirojin kawai take bayarwa, kashi 46 cikin ɗari. Binciken da aka daɗe ana yi a kan rairayin yankin Sahel, musamman a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya nuna cewa fosfaras ne ya fi tauye gero a irin wannan ƙasa, kuma naitirojin ba ya yin cikakken aiki sai an gyara ƙarancin fosfaras. Ƙasar jigawa kuma ba ta da ruɓaɓɓen ganye da tushe sosai, kabon ɗinta sau da yawa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka ba ta riƙe ruwa da sinadari, kuma yawan sa yuriya ba tare da takin gida ba yana ƙara mata tsami a hankali. Shi kuwa gawo yana zubar da ganyensa ne da shigowar damina, sai ya ba ƙasa taki bai kuma tare wa shuka rana ba.

To amma akwai wurin da ake gane ɗalibar da ta iya tunani. Da rani dabbobi suna kwana a inuwar gawo suna cin 'ya'yansa, suna barin kashi da fitsari. Kyawun geron daga ganyen itacen yake, ko daga kashin dabbobin, ko kuwa tun asali itacen a wuri mai kyau ya tsiro? Idan kika nuna kin san akwai wannan ruɗani, kin fi wadda ta rubuta cewa gawo yana ƙara albarkar ƙasa ta tsaya nan.

Tambayar ɗalibarmu ta ƙarshe ta zama haka: a gonakin gero na jigawa inda manomi ba zai iya sayen fiye da buhu ɗaya ba, wane haɗi na ɗan takin zamani mai fosfaras da takin gida ne zai fi ba da amfani, kuma shin ya kamata a sa iri ɗaya a ƙarƙashin gawo da nesa da shi? Ki gwada taki tambayar da abu uku. Ta ambaci irin ƙasa da amfanin gona? Akwai abin da za a auna a cikinta? Za a iya fara amsa ta a cikin watannin da ake ba ɗalibin digiri na biyu? Idan ɗaya ya faɗi, ki ƙara matse ta.

Kada ki nuna mahaifinki a matsayin wanda bai san abin da yake yi ba, wanda za ki dawo ki wayar masa da kai. Yana sayen yuriya ne domin ita ce yake ganin aikinta da ido cikin kwanaki, kuma kuɗinsa ba su kai ya sayi iri biyu ba. Yana kwashe kara ne domin dabbobi za su ci da rani. Ki rubuta dalilansa da mutunci. Wannan ladabi ne, kuma shi ne ke nuna kin fahimci cewa shawarar da manomi ba zai iya bi ba ba ta da amfani.

Mataki na 4: Ki kawo shaidar abin da hannunki ya yi

Masu tantancewa suna son sanin ko za ki iya karatun. Kalmomi irin su ƙwazo da jajircewa da kishin al'umma ba sa nuna haka, kowa yana rubuta su. Ki buɗe kundin bincikenki ki fitar da abu huɗu: abin da kika ɗebo, yadda kika auna shi, abin da kika samu, da abin da binciken bai iya nunawa ba.

Ga yadda ɗalibarmu ta tsara nata:

"A binciken shekarar ƙarshe na ɗebi ƙasa daga zurfin santimita 0 zuwa 20 a ƙarƙashin gawo goma a gonakin ƙauyenmu, da kuma tazarar mita 30 daga kowane itace. Na shanya samfuran a inuwa, na tankaɗe su da rariyar milimita 2, na auna pH, da kabon ta hanyar Walkley-Black, da fosfaras ta hanyar Bray-1. Kabon ya kai kusan kashi 0.5 a ƙarƙashin itatuwan, 0.3 a waje, fosfaras ma ya fi yawa a ƙarƙashi. Amma damina ɗaya na yi, ban auna amfanin gona ba, kuma ban iya raba tasirin itacen da na kashin dabbobi ba. Wannan giɓin nake son cikewa."

Jimlar ƙarshe ita ce gada zuwa kwas ɗin. Kada ki ji tsoron faɗin iyakar aikinki, domin da kin san komai ai babu dalilin a biya miki karatu. Amma ki rubuta hanyar da kika yi amfani da ita da hannunki kawai. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya yi awon ke kuma kika ɗebo ƙasar kika yi lissafi, ki faɗi haka. Ana iya kiranki tattaunawa a tambaye ki launin da ruwan gwajin ke komawa, kuma nan take ake gane wadda ba ta taɓa riƙe kwalbar ba.

Idan bincikenki na digirin farko ba a kan ƙasa yake ba, a ce a kan kiwon kaji ko tattalin arzikin noma kika yi, ki nemo shaida daga wani wuri: horon sanin makamar aiki da kika yi, ko hidimar ƙasa a ma'aikatar gona, ko darussan kimiyyar ƙasa da kika ci da maki mai kyau. Idan duk babu kuma damina na gaba, ki roƙi Baba ya ba ki kunya shida. Ki gwada hanyar sa taki ɗan kaɗan a ramin shuka, wadda ake auna kusan giram 6 na NPK 15-15-15 ga kowane rami, kimanin cikin murfin kwalbar lemo. A gonar da ke da rami 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Ki sa a kunya uku, ki bar uku, kina tsallakewa ɗaya bayan ɗaya don kada bambancin wuri ya ruɗe ki. Ki cakuɗa takin da ƙasar ramin kada ya taɓa irin, domin yana iya ƙona shi idan ruwa ya ɗauke. Ki auna hatsin kowace kunya daban. Ƙaramin gwaji ne, kuma haka za ki kira shi, amma ya fi shafi guda na yabon kai.

Idan makinki ya faɗi a wata shekara saboda rashin lafiya ko aure ko rasuwa, jimla ɗaya ta isa: abin da ya faru, da yadda makin ya dawo. Ki wuce.

Mataki na 5: Ki ɗaure tambayarki da kwas ɗin

Kada ki gaya wa jami'a cewa ta shahara a duniya, ta sani. Ki ɗauki jerin darussanta ki zaɓi biyu ko uku, ki kwafe sunayensu daidai yadda suke a shafin, kowanne ki haɗa shi da wani abu da kika kasa yi a mataki na 4. Ɗalibarmu ta zaɓi darasin sinadaran ƙasa domin ta fahimci yadda fosfaras ke maƙalewa a ƙasa mai tsami, da darasin tsara gwaji da ƙididdiga domin ta iya raba tasirin gawo da na taki, da darasin taswirar ƙasa domin ta san ko abin da ta gani a ƙauyensu ya shafi sauran yankin.

Idan za ki ambaci wani malami, ki karanta aƙalla maƙalarsa ɗaya tukuna, ki kuma tabbata yana sashen har yanzu. Idan kuma ƙasar waje kike nema, kamar Wageningen a Holan ko Ghent a Beljiyam, akwai tambayar da ke zuciyar mai karatu: me ya sa ba za ki yi a Zariya ko Kano ba? Ki amsa ba tare da kin kushe jami'arku ba. Ki faɗi takamaiman kayan awo ko hanyar bincike da kike nema a can, ki kuma ce kina son ɗebo samfurin bincikenki daga gida idan tsarin kwas ɗin ya yarda. Kowace jami'a da tata takardar. Sunan wata jami'a da aka manta a cikin takardar wata yana kashe nema tun a karatun farko.

Mataki na 6: Ki faɗi inda za ki dawo

A nan ne yawancin takardu ke komawa mafarki, a ce za a kawo ƙarshen yunwa a Afirka. Ki rage shi zuwa abin da mace ɗaya mai digiri na biyu za ta iya. Ki raba shi biyu: shekara biyun farko, da abin da zai biyo baya. Ki ambaci wuraren da suke da gaske kuma suka dace da amfanin gonarki. A Najeriya binciken gero yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, ita kuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya tana riƙe da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Hukumomin raya aikin gona na jihohi, kamar KTARDA a Katsina da KNARDA a Kano, su ne ke da malaman gona. Kada ki ce wata hukuma ta yi miki alkawarin aiki in ba ki da takardar hakan. Ki ce inda kike da niyyar nema.

Ɗalibarmu ta rubuta cewa a shekara biyun farko za ta yi gwaji a gonakin manoma 20 a ƙauyuka biyu, rabinsu gayaunar mata, ta auna ƙasa kafin shuka da hatsi bayan girbi, ta fitar da shawarar taki da Hausa a awon tiya da murfin kwalba. Ta kuma faɗi yadda za a san ko ya yi aiki: kilo nawa aka ƙaru a hekta, da manoma nawa suka ci gaba da hanyar a damina ta uku ba tare da an ba su taki kyauta ba. Ta ƙara da cewa a gidajen da malamin gona namiji ba ya shiga, ita tana shiga. Idan kina son lamba ɗaya ta nahiya, sanarwar da ƙasashen Afirka suka fitar a Abuja a 2006 ta sa burin ɗaga amfani da takin zamani daga kusan kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta. Ɗaya ta isa, kuma sai idan tana hidimar tambayarki.

Mataki na 7: Ki rubuta daftari

Yanzu kina da duk abin da za ki faɗa. Idan an ba ki kalmomi 500, ki raba su kamar haka: kusan 80 ga gona, 90 ga tambaya, 130 ga shaida, 110 ga kwas, 90 ga dawowa. Ki lura labarin gida shi ne mafi ƙanƙanta, ko da yake shi ne ya haifi sauran.

Daftarin farko ki yi shi da Hausa idan a nan tunaninki ya fi tafiya daidai. Sai ki rufe shi, ki faɗi ma'anar kowane sakin layi da Turanci mai sauƙi, ba ki fassara jimla bayan jimla ba. Gajerun jimloli sun fi manyan kalmomin da aka ciro daga ƙamus.

Kada ki buɗe da "tun ina ƙarama nake sha'awar noma", ko da ma'anar ƙasa, ko da karin magana. Ki fara da abin da kika gani:

"Mahaifina yana noman gero a hekta ɗaya ta rairayi kusa da Daura. Shi ke saran rami da sungumi, ni ina binsa ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. A lissafinsa, hatsin gonar ya sauka daga kusan kilo 900 zuwa 500 cikin shekara goma, duk da yuriyar da yake saye. Amma a ƙarƙashin gawo uku geron bai taɓa gazawa ba. Wannan bambanci na 'yan taku kaɗan shi ne ya kai ni kimiyyar ƙasa."

Ki faɗi aikin da kika yi a gona da gaske. Idan shuka da kai abinci da sussuka da shiƙa ne naki, su za ki rubuta, ba sai kin ce kin yi huɗa da shanu ba. Maganar rashin kuɗi kuwa, idan fom ɗin yana da gurbinta daban, can za ta. Idan babu, jimla ɗaya a miƙe ta wadatar: kuɗin shigar gidanku daga wannan gona yake, kuma ba zai ɗauki nauyin karatun ba.

Mataki na 8: Gyara da turawa

Ki ajiye daftarin kwana biyu, sannan ki karanta shi da murya. Duk jimlar da wata ɗaliba daga wata jiha za ta iya sa wa suna ta tura, ki goge ta. Ki bai wa masanin ƙasa ya duba lambobi da ma'aunai da sunayen hanyoyin gwaji, musamman wurin da aka rubuta kashi cikin ɗari alhali giram a kilo ake nufi, domin 0.5 cikin ɗari daidai yake da giram 5 a kilo, kuma ana yawan cakuɗa su. Shi kuma mai karatu na biyu, bayan ya gama ki karɓe takardar ki tambaye shi: mece ce tambayata, kuma me zan yi in na dawo? Idan bai iya amsawa ba, matsalar tana mataki na 3 ko na 6, can za ki koma. Kada ki bari ɗayansu ya sake rubuta miki takardar da salonsa, domin a ranar tattaunawa muryarki za a ji.

Ki tura wa malaman da za su rubuta miki takardar shaida kwafin ƙarshe, don abin da za su faɗa ya yi daidai da naki. Ki duba cewa ranakun aiki da taken bincikenki iri ɗaya ne a takardar da a tarihin karatunki, sunanki kuma ya zo yadda yake a fasfo. Idan fayil ake ɗorawa, ki mai da shi PDF ki buɗe shi a wata waya ki gani. Ki duba da agogon wace ƙasa aka rubuta lokacin rufewa, ki tura aƙalla kwana uku kafin ranar saboda wuta da intanet, ki kuma ɗauki hoton shafin da ya nuna an karɓa.